Tankuna biyu da kilo 12 na gishiri: yadda aigenbalu da aigenbekta ke raba lissafin da ya sarƙe

Tambaya: Malam, ina aji biyu a fannin injiniya. Na iya fitar da aigenbalu da aigenbekta daga matiriks, amma da an ba ni ikweshan biyu na difarenshiyal waɗanda x' ta dogara da y, y' kuma ta dogara da x, sai in kasa ganin abin da ya haɗa su. Me ya sa wannan hanya take aiki, kuma ta yaya zan san amsata daidai ce?

Bari mu bar x da y na allo tukuna, mu ba su jiki, don in ka ga abin da suke aunawa za ka ga dalilin da idonka.

Ga tankuna biyu, A da B, kowanne na ɗauke da ruwa lita 100. Ruwa mai tsabta yana shiga A, lita 5 a minti ɗaya. Wani famfo yana tura ruwan A zuwa B, lita 9 a minti. Wani kuma yana dawo da ruwan B cikin A, lita 4 a minti. Daga ƙasan B akwai bututun da ke zubar da lita 5 a minti zuwa waje. Ka duba lissafin ruwan: A yana samun 5 da 4, yana rasa 9. B yana samun 9, yana rasa 4 da 5. Ke nan kowane tanki yana nan a lita 100 har kullum, kuma wannan sharaɗi ne mai nauyi, zan dawo kansa. An narkar da gishiri kilo 12 a cikin A, B kuwa ba ko ƙwaya. Muna ɗauka ana juya ruwan sosai, ta yadda kowace lita ta tanki ɗaya gishirinta ɗaya ne da na 'yar'uwarta.

Mu kira gishirin da ke cikin A x, na cikin B y, duka a kilo. Kowace litar A tana ɗauke da x/100, kowace litar B kuma y/100. A yana rasa lita 9 na ruwansa, yana karɓar lita 4 na ruwan B. B yana karɓar lita 9 na ruwan A, yana rasa lita 9 na nasa. Saboda haka:

```
x' = -0.09x + 0.04y
y' =  0.09x - 0.09y
```

Da ikweshan ɗaya ce kawai, irin x' = -0.09x, da an gama magana. Ka san amsarta: adadin farko sau e^(-0.09t). Abin da ya sa take da sauƙi shi ne saurin canjin abu ya yi daidai da abin kansa sau wata lamba. A nan kuwa ba za ka san x ba sai ka san y, ba za ka san y ba sai ka san x, sai ka rasa bakin zaren.

To ga tambayar da ta kamata ka yi wa tankunan. Akwai wani rabon gishiri tsakanin A da B wanda in an fara da shi, tankunan ba za su ɓata shi ba? Gwada kilo 2 a A da kilo 3 a B. x' ta zama -0.18 + 0.12, wato -0.06. y' ta zama 0.18 - 0.27, wato -0.09. Kalli lambobin nan biyu da kyau. -0.06 shi ne 2 sau -0.03, -0.09 kuma shi ne 3 sau -0.03. Kowane tanki yana rasa kashi 3 cikin 100 na abin da ke cikinsa a minti. Tun da dukansu suna raguwa da kaso ɗaya, bayan ɗan lokaci rabon yana nan a 2 da 3, in rabon yana nan kuwa, lissafin da muka yi yanzu zai sake maimaituwa. Haka zai ci gaba, gishirin yana ta raguwa. Tankunan biyu sun zama kamar abu guda da ke bin ikweshan mai sauƙi, amsarsa kuma (2, 3) sau e^(-0.03t).

Wannan rabo na (2, 3) shi ne aigenbekta, lambar -0.03 ita ce aigenbalu. Kalmar aigen ta Jamusanci ce, ma'anarta na kansa, kuma sunan ya dace: rabo ne na tsarin kansa, wanda ba ya karkatar da shi, ƙara shi kawai yake yi ko ya rage shi. In ka rubuta tsarin a matsayin X' = AX, inda X take (x, y), A kuma a nan matiriks ɗin lambobin ikweshan biyun ne, ba tankin ba, ka gwada amsa irin X = v·e^(λt), gefen hagu zai ba ka λv·e^(λt), na dama Av·e^(λt). Da yake e^(λt) ba ta taɓa zama sifiri, sai ka share ta, abin da ya rage shi ne Av = λv. Ga mahaɗin da kake nema. Ba wanda ya ɗauko aigenbalu daga wani darasi ya liƙa wa wannan. Neman amsar da ba ta canza rabo shi ne ya haifar da ita.

Ni na san (2, 3) tun kafin in gwada. Kai da ba ka sani ba, sai ka bi hanyar da ka riga ka iya. Ana son (A - λI)v = 0 ta sami v da ba sifiri ba, hakan kuma ba ya yiwuwa sai ditaminan ɗin A - λI ya zama sifiri:

```
(-0.09 - λ)(-0.09 - λ) - (0.04)(0.09) = 0
(λ + 0.09)² = 0.0036
λ + 0.09 = ±0.06
λ₁ = -0.03,   λ₂ = -0.15
```

Kafin ka matsa gaba ka yi gwaji biyu da ba sa cin rabin minti. Jimillar aigenbalu dole ta yi daidai da jimillar lambobin da ke kan dayagonal: -0.03 da -0.15 sun ba da -0.18, haka ma -0.09 sau biyu. In ka ninka su kuma dole su ba da ditaminan ɗin A: 0.0045, shi ma 0.0081 a cire 0.0036 ya ba da 0.0045. Yawancin takardun da nake gyarawa, kuskurensu a wannan mataki yake shiga, galibi alamar ragi ce ta ɓace, sai ɗalibi ya yi shafi biyu na aiki mai kyau a kan lamba marar kyau. Gwajin nan biyu suna kama shi nan take.

Ga λ₁, layin farko ya zama -0.06x + 0.04y = 0, wato 3x = 2y, sai (2, 3) ta fito. Ga λ₂, layin farko ya zama 0.06x + 0.04y = 0, sai (2, -3). A nan ma akwai ma'auni: layi na biyu dole ya faɗi abin da na farko ya faɗa. Ga λ₂ layi na biyu shi ne 0.09x + 0.06y = 0, wato na farkon ne aka ninka da ɗaya da rabi. In ka ga layukan biyu sun saɓa, har abin da suke ba ka kawai shi ne x = 0 da y = 0, kada ka rubuta sifiri a matsayin aigenbekta. Aigenbalu ɗinka ce ba daidai ba, koma baya. Kuma kada ka damu in abokinka ya sami (4, 6) ko (1, 1.5) a inda ka sami (2, 3). Rabo ake nema, duk ɗaya ne.

Na san abin da zai tsaya maka a rai: ta yaya tanki zai ƙunshi kilo -3 na gishiri? Ba zai ƙunsa ba. Aigenbekta ta biyu ba yanayin da za ka iya zubawa a tanki ba ce ita kaɗai. Ita tana auna karkata ne daga rabon 2 da 3: A ya yi yawa, B ya gaza. Famfunan biyu suna gyara irin wannan karkata da sauri, shi ya sa aigenbalu ɗinta ta ninka ta farko sau biyar. Ta farko tana ba da labarin yadda gishiri ke barin tsarin gaba ɗaya, ta biyu kuma yadda tankunan ke daidaita tsakaninsu.

Yanzu sai haɗawa. Da yake tsarin na layi ne, ba x², ba xy, in amsa biyu sun yi aiki jimillarsu ma za ta yi. Kuma da yake (2, 3) da (2, -3) ba hanya ɗaya suka fuskanta ba, duk wani yanayin farko za a iya gina shi daga su biyun. Wannan ne ya sa amsar ta zama cikakkiya:

```
X(t) = c₁(2, 3)e^(-0.03t) + c₂(2, -3)e^(-0.15t)
```

A t = 0 muna da (12, 0). Ke nan 2c₁ + 2c₂ = 12, kuma 3c₁ - 3c₂ = 0, sai c₁ = c₂ = 3.

```
x(t) = 6e^(-0.03t) + 6e^(-0.15t)
y(t) = 9e^(-0.03t) - 9e^(-0.15t)
```

Lura cewa c₁ da c₂ biyu ne kawai, ba huɗu ba. Ɗalibai da yawa sukan rubuta x da nata lambobi biyu, y da nata biyu daban, sai su rasa yadda za su cike su da sharaɗi biyu. Aigenbekta ce ta ɗaure lambobin y da na x: 6 da 9 suna kan rabon 2 da 3, 6 da -9 suna kan 2 da -3.

Tabbatar da amsa ba ya bukatar duba bayan littafi. A t = 0, x ta ba da 12, y ta ba da sifiri. Saurin x a farko, daga amsarmu, shi ne -0.18 - 0.9, wato -1.08, ikweshan ta asali kuma ta ce -0.09 sau 12, wato -1.08. Saurin y shi ne -0.27 + 1.35, wato 1.08, daidai da 0.09 sau 12. Kuma hankali ya yarda: a daƙiƙar farko duk abin da A ya rasa B ne ya samu, don B bai da gishirin da zai zubar tukuna.

Abin da na fi so ka iya shi ne karanta amsar. Kashin da ke da -0.15 yana rabewa biyu duk bayan minti 4.6, wato ln 2 a raba da 0.15. Mai -0.03 kuwa sai bayan minti 23. Gishirin B yana hawa da farko, ya kai ƙololuwa a inda y' ta zama sifiri, wato e^(0.12t) = 5, kimanin minti 13.4, a lokacin yana da kilo 4.8, sannan ya fara sauka. A minti 20, A yana da kilo 3.59, B yana da 4.49. A minti 40, A yana da 1.82, B yana da 2.69. Raba na B da na A: 1.48, ya kusa 1.5, wato 3 bisa 2. Mun fara da duk gishirin a tanki ɗaya, amma tsarin ya kai kansa kan aigenbekta ta farko. Da a B muka zuba shi, nan ɗin dai za a ƙare. Duk mai son sanin tsawon lokacin da wanke tankunan zai ɗauka, aigenbalu mafi kusa da sifiri zai duba, ita ce mai jinkiri, ita ke saura bayan ɗayar ta mutu. Da a ce ɗaya daga cikinsu ta fi sifiri, ita za ta mamaye komai, amsar ta yi ta girma ba iyaka, kuma a tankin da ba a ƙara masa gishiri wannan alama ce cewa an yi kuskure wajen rubuta matiriks.

Akwai wata hanya ta ganin abin da ya faru, kuma ita ce ta fi nuna cewa sarƙewar ba ta tsarin ba ce, ta ma'aunin da muka zaɓa ce. Ɗauki u = 3x + 2y. In ka lissafa u' daga ikweshan biyun za ka sami -0.09x - 0.06y, wato -0.03u cif. Ɗauki w = 3x - 2y, za ka sami w' = -0.15w. Ikweshan biyu da ba ruwan ɗaya da ɗaya. Dukansu sun fara daga 36, sannan x = (u + w)/6, y = (u - w)/4, amsar ɗazu ta dawo. Abin da littafi yake nufi ke nan in ya rubuta A = PDP⁻¹: ginshiƙan P su ne aigenbekta, D na ɗauke da aigenbalu a dayagonal, layukan P⁻¹ kuma su ne ke ba da u da w, in ban da lambar ninkawa. Ka kula, (3, 2) ba (2, 3) ba ce. Suna zama abu ɗaya ne in matiriks ɗin mai daidaiton gefe biyu ne, wato lambar sama ta dama ɗaya ce da ta ƙasa ta hagu, namu kuwa 0.04 ne da 0.09.

Hanyar tana da wurin da take gazawa, kuma tankunanmu za su nuna maka shi. Kashe famfon da ke dawo da ruwa, a rage na turawa zuwa lita 5 don kada A ya ƙafe. Sai x' = -0.05x, y' = 0.05x - 0.05y. Aigenbalu ta zama -0.05 sau biyu. Nemi aigenbekta: layin farko sifiri ne gaba ɗaya, na biyu ya ce 0.05x = 0. Abin da ya rage (0, 1) ce tilo, wato gishiri a B kaɗai. Da ita ɗaya ba za ka iya gina (12, 0) ba, ko wace lamba ka ninka ta da ita. Ana bukatar amsa ta biyu.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗalibi ya tuna abin da aka koya masa a ikweshan guda mai daraja ta biyu, ya ninka da t kawai, ya rubuta t·v·e^(λt). Mayar da ita cikin tsarin ka gani: gefen hagu zai bar v·e^(λt) da ba ta da abokiya a dama. Don a shanye wannan ragowa ake ƙara wata bekta, mu kira ta z, wadda ta cika (A - λI)z = v, amsa ta biyu ta zama (t·v + z)e^(λt). A nan 0.05 sau kashin farko na z dole ya ba da 1, sai z = (20, 0). Amsar ita ce (20, t)e^(-0.05t), in ka ninka ta da 0.6 don ta fara daga 12:

```
x(t) = 12e^(-0.05t)
y(t) = 0.6t·e^(-0.05t)
```

B zai kai ƙololuwa a minti 20 da kilo 4.41. Amma maimaituwar aigenbalu ita kaɗai ba ta isa ta kawo t ba. In ka raba tankunan, kowanne da ruwan shigarsa da bututun fitarsa na lita 5, aigenbalu tana nan -0.05 sau biyu, amma kowane rabo aigenbekta ne, ba a bukatar z. Ƙarancin aigenbekta ne ke kawo matsalar, don haka ƙirga su za ka yi, kada ka yanke hukunci daga aigenbalu.

Saura in aigenbalu ta fito da i. Tankuna biyu ba za su taɓa ba ka haka ba, don 0.04 da 0.09 ba za su zama ƙasa da sifiri ba, abin da ke ƙarƙashin alamar tushe ma haka. In ka ga i a lissafin tankuna biyu, nemi alamar da ka juya. A da'irar lantarki mai kwayil da kafasita, ko nauyin da ke rataye a nannaɗaɗɗiyar wayar ƙarfe mai miƙewa, wato sifirin, nan ne gidanta. Misali x' = -x - 2y, y' = 2x - y yana ba da λ = -1 ± 2i. Ba sabuwar dabara ake bukata ba. Ɗauki ɗaya kawai, -1 + 2i, aigenbektarta (1, -i). Buɗe e^(λt) da ƙa'idar Euler, ta zama e^(-t)(cos 2t + i·sin 2t), ka ninka da bektar, ka ware ɓangaren da ba i da ɓangaren da ke da i. Na farko ya ba da e^(-t)(cos 2t, sin 2t), na biyu e^(-t)(sin 2t, -cos 2t), kowannensu amsa ce ta gaske. Lambar -1 tana gaya maka saurin mutuwar lilon, 2 kuma saurin lilon kansa. Ba sai ka wahala da -1 - 2i ba, waɗannan biyun za ta sake ba ka.

Na ce zan dawo kan lita 100. Duk abin da muka yi ya tsaya ne a kan cewa lambobin matiriks ba sa canzawa da lokaci. In ruwan da ke shiga A ya zama lita 6 alhali sauran suna nan, A zai riƙa cika, x/100 ta koma x/(100 + t). Za ka iya fitar da aigenbalu a kowane minti, amma aigenbekta ɗin ma suna juyawa, rabon da bai canzawa ɗazu ya fara canzawa, don haka v·e^(λt) ba amsa ba ce kuma. A nan sai lissafin kwamfuta na mataki mataki. In kuwa ruwan shigar ne ke ɗauke da gishiri, a ce kilo 0.02 a lita, wannan da sauƙi. An ƙara 0.1 a ikweshan ta farko. Nemi inda x' da y' suka zama sifiri tare, za ka sami (2, 2), wato kowane tanki ya ɗauki ɗanɗanon ruwan shiga. Tazarar da ke tsakanin X da (2, 2) tana bin tsohon tsarin, da aigenbalu da aigenbekta ɗinsa, sai dai a nemo c₁ da c₂ daga (10, -2) maimakon (12, 0), sannan a mayar da (2, 2) a ƙarshe.

In tankunan sun kai uku ko huɗu, tunanin bai canza ba, aikin hannu ne ya yi yawa. Kana iya duba aikinka da wannan:

```python
import numpy as np
A = np.array([[-0.09, 0.04], [0.09, -0.09]])
lam, P = np.linalg.eig(A)
c = np.linalg.solve(P, [12, 0])
```

Aigenbekta suna cikin ginshiƙan P ne, wato `P[:, 0]` ita ke tafiya da `lam[0]`, ba layin farko ba. Kuma an rage tsawon kowacce zuwa 1, saboda haka maimakon (2, 3) za ka ga kusan (0.555, 0.832), wataƙila ma da alamar ragi a kan duka biyun, sai c ɗinka ta bambanta da 3. Ninka c da ginshiƙinta, (6, 9) za ta fito kamar yadda ka samu da hannu. A misalin famfon da aka kashe kuwa, kwamfuta za ta ba ka ginshiƙai biyu duk da haka, amma in ka duba za ka ga kusan bekta ɗaya ce aka maimaita, c kuma ta fito da lambobi masu girman da ba su da ma'ana. Da ka ga haka, koma kan (A - λI)z = v.